Wa ke ja wa tururuwa gaba, kuma me ke sa su zagaye wuri ɗaya?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da tambaya kan wani abu da na gani jiya da idona a gidanmu da ke Birni, wanda har yanzu bai bar raina ba. Bayan la'asar na lura da layin kiyashi ya fito daga wata tsaga a gindin katanga, ya bi gefen tabarma, ya hau kan murfin randa inda yara suka zubar da ɗan sukari. Tsawon layin zai kai mita 4, kuma babu wadda ta kauce ko da faɗin yatsa. Da uwargida ta gani sai ta share ƙasan, ta watsa ruwa a gindin randar, ta kuma goge sukarin da tsumma. Waɗanda suka rage a kan murfin sai suka kama gefensa suna zagayawa, wannan na bin wannan, har aka kira sallar magariba ban ga sun sauka ba. Tambayata biyu ce: wace ce ke ja musu gaba har layinsu yake miƙewa haka, kuma me ya hana su gane cewa wuri ɗaya suke ta maimaitawa?

Mai_Shago_Dole:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da muka taso muka ji shi ne kowane gidan tururuwa yana da sarauniya, kuma ita ce ke ba da umarni. A ganina akwai jagora a gaban kowane layi, idan aka raba su da shi kuma sai su rikice kamar tumakin da makiyayinsu ya ɓace.

Alaramma_Karkada:
Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. A cikin Suratun Namli, aya ta 18, an ba mu labarin tururuwar da ta gargaɗi ƴan'uwanta su shiga gidajensu don kada rundunar Annabi Sulaiman, alaihis salam, ta tattake su ba tare da sani ba. Saboda haka isar da saƙo a tsakaninsu ba baƙon abu ba ne a gare mu. Amma hanyar da suke bi su isar da shi a yau da kullum, wannan sai mu saurari waɗanda suka karanci fannin.

Mushe_Zango:
Na gode Alaramma. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu, kuma wannan darasi ne da ɗalibai ke so domin ana iya gwada shi a tsakar gida. Mai_Shago, sarauniya tana nan, amma aikinta saka ƙwai ne a can cikin rami, ba ta san inda sukarin Ɗan_Birni yake ba, balle ta tura wani. Abin da ke faruwa shi ne, ƴan kaɗan ne ke fita nema suna yawo barkatai. Wadda ta dace da abinci, a kan hanyarta ta komawa gida sai ta riƙa taɓa ƙasa da ƙarshen cikinta, tana barin wani sinadari mai ƙanshi da masana ke kira feromon. Mu ba ma jin sa, amma ƴan'uwanta suna shinshino shi da ƙahonnin nan biyu da ke kansu. Duk wadda ta bi sawun ta tarar da abinci, ita ma za ta ƙara nata a kai idan za ta dawo, sai hanyar ta ƙara ƙarfi.

Idan ka durƙusa ka ƙura wa guda ɗaya ido, za ka ga ba a miƙe sak take tafiya ba, tana ɗan karkata dama da hagu. Gwadawa take yi: idan ƙahon dama ya fi jin ƙanshin sai ta karkata dama, idan na hagu ne ta koma hagu. Daga nesa ne kawai muke ganin layin kamar an ja shi da zare. Ta gaba ba shugaba ba ce, domin idan ka ɗauke ta layin zai ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Hajiya_Garin_Malam:
Malam, ni na daɗe da sanin cewa idan na goga yatsa a tsakiyar layin sai su tsaya cirko-cirko a wurin, amma na ɗauka warin hannuna ne suke gudu, musamman idan na taɓa albasa ko kananzir.

Mushe_Zango:
Hajiya, wannan shakka taki tana kan hanya, kuma ita ce ta sa gwajin yatsa shi kaɗai bai isa hujja ba, tunda yatsan ya goge abu ɗaya ya kuma bar wani. Ga gwajin da ya fi shi tsabta. A shimfiɗa fallen takarda a kan hanyarsu, a danne gefunanta da ƴan tsakuwa, a bar su har su saba bi ta kanta, kamar rabin awa. Daga nan a zare ta a maye gurbinta da sabuwa irinta, ba tare da an taɓa tsakiyarta da hannu ba. Za a ga sun iso bakin takardar sun yi turus, suna kai da kawowa, alhali a ido babu abin da ya canza. Idan kuma aka mayar da tsohuwar yadda take, sai su wuce abinsu. Wannan ne ke nuna cewa abin da suke bi yana manne a jikin takardar.

Manomin_Mirriya:
Ina neman afuwa, amma wannan bayani bai yi daidai da abin da nake gani a gona ba. Baƙar tururuwar da ke kwashe mana hatsi tana da hanyoyi da ake gani ƙuru-ƙuru, a share babu ko ciyawa, daga bakin ramin har inda muke tara damman gero. Na sha jan fartanya a kan hanyar don in raba su da ita, kafin in juya sun gyara layinsu. Hanya ɗaya suna iya binta tun daga kaka har sanyi ya shiga. Idan ƙanshi ne kawai, ai rana da iskar hunturu da sun daɗe da kwashe shi.

Ɗalibar_Jami'a:
Baba, abin da ka gani gaskiya ne, kuma bai rushe maganar Malam ba, sai dai ya nuna cewa tururuwa ba iri ɗaya ba ce. Masu tara hatsi suna share manyan hanyoyinsu da gaske, suna kawar da tsakuwa da ciyawa, kuma suna da idanu, suna riƙe kamannin wurin da inda rana take. Shi ya sa fartanyarka ba ta daɗe tana ruɗa su, domin suna da abin dogaro fiye da ɗaya. Shi kansa sinadarin ma kala-kala ne. Na wasu yana bushewa cikin ƴan mintoci, kamar yadda Edward Wilson ya nuna a kan wata jar tururuwa mai harbi a ƙasar Amurka, wadda sawun guda ɗaya daga cikinta ke gushewa cikin kusan minti 2, na wasu kuma yana kwanaki.

Saurin bushewar nan yana da amfani, kada a ɗauke shi aibi. Idan sukari ya ƙare, masu dawowa hannu rabbana ba sa ƙara komai a kan hanyar, sai ta mutu da kanta, ba sai wani ya yi shelar a daina zuwa ba. Ina roƙon a riƙe wannan a rai, domin a nan amsar tambaya ta biyu take.

Tsohon_Direba:
Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke gano hanya mafi kusa. Mu da muke da ido da hankali sai mun yi shekaru a kan hanyar Tanut kafin mu san yanke, su kuwa rana ɗaya ta ishe su.

Mushe_Zango:
Alhaji, an yi wannan gwaji a wata jami'a da ke Brussels ta ƙasar Beljiyam a shekarar 1989, a ƙarƙashin Jean-Louis Deneubourg da abokan aikinsa. Sun haɗa gidan tururuwa da wurin abinci da wata gada mai rassa biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo, kuma a mafi yawan lokuta tururuwar sun ƙare a kan gajeren. Bari in kawo misali da lissafina, don a ga cewa babu wadda ta auna komai. A ce gajeren reshe santimita 20 ne, dogon 40, kuma kowace tururuwa tana cin santimita 2 a daƙiƙa. Guda 20 sun fito, ba su san komai ba, 10 suka bi nan, 10 suka bi can, a ce kuma kowa na barin sawu tun daga fita. A daƙiƙa ta 10 ƴan gajeren reshe sun isa abinci, alhali ƴan dogon suna tsakiyar hanya. Da suka juyo za su koma, a mararrabar da ke wajen abinci reshe ɗaya ne kaɗai ke da ƙanshi, wato wanda suka biyo, don haka yawancinsu shi za su sake bi. A daƙiƙa ta 20 sun dawo gida, gajeren reshe ya sha shafi biyu, dogon kuwa ɗaya. Masu fitowa yanzu za su fi karkata ga mai ƙarfin, su ƙara masa, haka ratar za ta yi ta buɗewa har dogon ya zama kufai.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kuma masu gwajin sun nuna ta. Da suka fara ba su dogon reshe shi kaɗai har ya yi ƙarfi, sannan daga baya suka buɗe gajeren, yawanci tururuwar ba su koma kansa ba. Ashe dai inda ƙanshi ya riga ya taru suke bi, ko yana kusa ko yana nesa.

Mai_Shago_Dole:
Na karɓi gyara a kan maganar jagora. Amma ni a shagona na taɓa zana da'ira da biro a kan kwali, na ga ƙwari suna bin zanen suna zagayawa kamar an yi musu asiri. Ko ke nan tawada ma tana iya zame musu hanya?

Ɗalibar_Jami'a:
Yaya, ina kyautata zaton gara ka gani ba tururuwa ba, tunda kwali abincinta ne. An san cewa tawadar wasu birori tana ɗauke da wani sinadari da ya yi kama da na sawun gara, har malamai kan yi amfani da ita a aji don nuna wannan darasi. Gara da tururuwa ba dangi ba ne na kusa, ita gara ta fi kusa da kyankyaso, amma dabararsu ta bin sawu ta zo ɗaya. Misalinka ya kawo mu daidai kan tambayar Ɗan_Birni ta biyu.

Zagayen da ya yi suna a duniya na dangin kwarkwasa ne na nahiyar Amurka, waɗanda kusan ba sa gani, kuma ba su da gida na dindindin da za su riƙe kamanninsa. A shekarar 1921 William Beebe ya ba da labarin wanda ya gani a dajin Guyana: da'irar ta kai kimanin mita 370 idan aka bi ta, kowace tururuwa na ɗaukar awa biyu da rabi kafin ta dawo inda ta tashi, kuma sun kwana biyu a haka suna mutuwa a kan hanya, kafin wasu ƴan kaɗan su kauce, sauran su bi su. Idan aka yi lissafi, saurinsu kimanin santimita 4 ne a daƙiƙa, kuma a da'ira mai wannan girma lanƙwasar ba za ta jiyu ga ƙwaron da bai kai tsawon farce ba. A wurinta hanya ce miƙaƙƙiya, mai ƙanshi sosai, cike da ƴan'uwa, wato duk alamomin hanyar ƙwarai sun cika. A 1944 kuma Theodore Schneirla ya wallafa bayanin wani ƙarami da ya gani a kan daɓen siminti a ƙasar Panama, inda washegari ya tarar yawancinsu sun mutu.

Yadda abin ke farawa shi ne wani rukuni ya yanke daga babbar hanya, ko saboda ruwan sama ya wanke sawun ko wani abu ya gitta. Na gaba suna laluben hanya, sai su lanƙwaso su ci karo da sawun na bayansu, su ɗauke shi hanya. Da zarar kai ya haɗu da wutsiya, kowane zagaye ƙara wa da'irar ƙanshi yake yi. Bushewar da na ce ita ke kashe hanyar da ba ta da amfani, a nan ba ta samun dama, domin ana sabunta sawun ba ƙaƙƙautawa. Dokar da ta zaɓo gajeren reshe a misalin Malam, ita ce dai ta kulle su a nan.

Ɗan_Birni:
Allah ya ƙara basira, ƙanwata. Ke nan abin da na gani a kan murfin randa shi ne wannan, tunda ruwan da aka watsa ya yanke musu hanya kamar yadda ruwan sama ya kan yi?

Mushe_Zango:
A nan zan ɗan ja birki. Kiyashi ba kwarkwasa ba ne, yana gani gwargwado, kuma ƙananan ƙwari da yawa suna da ɗabi'ar bin gefen abu idan sun rasa mafita. Murfin randa da'ira ne tun asali, don haka wanda ya bi gefensa dole ya zagaya, ko da sawu ko babu. Akwai abubuwan da za su raba gardama. Shin dukkansu fuska ɗaya suka nufa, ko wasu na tafiya dama wasu hagu suna gaisawa da ƙaho? Shin akwai wata hanyar sauka a buɗe da suka yi ta wucewa ba su bi ba? Kuma da ka goge wani yanki na gefen, sun watse ne ko sun ci gaba? Zagaye na gaskiya ana gane shi da cewa fuska ɗaya ake bi, mafita tana nan amma ba a kula ta, kuma yana iya faruwa a fili shimfiɗaɗɗe inda babu gefen komai.

Ɗan_Birni:
Gaskiya, Malam, yawancinsu fuska ɗaya suka nufa, amma na ga ɗaiɗaiku suna saɓawa. Batun mafita kuwa, jikin randar yana nan, sai dai a jiƙe yake saboda tana tsatsafo da ruwa, ga kuma wanda aka watsa. Ban goge gefen ba domin ban san zai zama hujja ba. Da safe ban tarar da ko ɗaya ba, matacce ko mai rai.

Ɗalibar_Jami'a:
Da girmamawa, Malam, ni ban ga dalilin raba abin gida biyu tsaf ba. Yana yiwuwa gefen murfin ne ya fara tilasta musu zagayen, sannan sawun da suka tara a kai ya riƙe su fiye da yadda gefen shi kaɗai zai yi. Cewa yawancinsu fuska ɗaya suka bi ba ƙaramar alama ba ce. Waɗancan ɗaiɗaikun masu saɓawa kuwa ina ganin su ne suka cece su, domin ko a labarin Beebe masu kaucewa ne suka karya da'irar. Irin da ke da masu saɓawa da yawa ba ya daɗewa a tarko, irin da ke bin sawu sau da ƙafa kuma shi ke mutuwa a ciki.

Mushe_Zango:
Ƴata, hujjarki tana da nauyi, amma tururuwa masu yawa a siririn wuri suna iya komawa fuska ɗaya saboda karo kawai, domin mai saɓawa tana shan gware har ta gaji ta juya. Ban ce kin yi kuskure ba, na ce dai abin da Ɗan_Birni ya gani bai isa a yanke hukunci ba.

Tsohon_Direba:
Lokacin da nake ɗaukar kaya zuwa Kwatano na taɓa kwana a wani ƙauye da damina, kwarkwasa ta tashe mu cikin dare. Layinta ya kai faɗin tafin hannu, manya masu manyan baki sun jeru a gefe biyu, ƙanana na gudu a tsakiya kamar ruwa a kwata. Mutanen garin ba su yi faɗa da ita ba, suka kwance awaki suka fitar da kaji, suka bar mata ɗakin har ta wuce. Ban ga ta yi da'ira ba, amma na yarda cewa mai tafiya irin wannan, ido rufe, idan ya ɓata zai ɓata da gaske. A nan Damagaram ban taɓa cin karo da irin wannan runduna ba, ina jin fari ya yi mata yawa.

Manomin_Mirriya:
Ni kuma a rairayin da ke arewa da gonarmu akwai wata doguwar tururuwa mai dogayen ƙafafu da ke fita da tsakar rana ita kaɗai, a lokacin da ƙasa ba ta takuwa, tana gudu kamar an kore ta. Ban taɓa ganinta a layi ba. Ita kuma wane sawu take bi?

Mushe_Zango:
Bayaninka ya yi kama da tururuwar hamada da Rüdiger Wehner ya shafe shekaru yana nazari a Tunisiya. A irin wannan zafi ƙanshi ba ya zama a ƙasa, don haka ita da sararin sama take gane fuska, tana kuma lissafin takunta. A 2006 an liƙa wa wasu ƙarin tsawon ƙafa bayan sun isa abinci, sai suka zarce ramin nasu a hanyar dawowa, waɗanda aka rage wa ƙafa kuma suka tsaya kafin su iso. Irin wannan ba ta yin layi, ba ta kuma faɗawa zagaye, amma kowace sai abin da bakinta ya iya ɗauka, ba za ta iya tara dubbai a kan dami ɗaya cikin awa guda yadda masu bin sawu ke yi maka ba.

Hajiya_Garin_Malam:
To ni dai na fahimci dalilin da ya sa shara kaɗai ba ta raba ni da kiyashi a madafa. Tsintsiya tana kwashe su ne ta bar hanyar, shi ya sa kafin in gama wanke-wanke sun dawo kan layinsu na ɗazu. Daga yau ruwan sabulu zan bi hanyar da shi tun daga tsagar, in kuma toshe ta da siminti, tunda cinnaka ma an ce bai san na gida ba, balle kiyashi.

Ɗan_Birni:
Na tanadi faranti na ƙarfe da ɗan sukari, kuma na roƙi uwargida kada ta share wurin gobe. Zan bar layin ya kafu, in yanke shi da ruwa kamar jiya, amma wannan karon zan jingina busasshen kara daga gefen farantin zuwa ƙasa don mafita ta kasance a buɗe, in ga ko za su bi shi ko za su yi ta wuce shi. Malam, minti nawa ya kamata in jira kafin in goge gefen?

Mushe_Zango:
Ka ba su minti 15 suna zagayawa, ka ƙirga masu bin dama da masu bin hagu a wuri ɗaya na tsawon minti guda, sannan ka goge faɗin yatsa biyu da auduga mai ɗan danshi, ba da hannu ba. Ka yi shi a inuwa, domin idan ƙarfen ya ɗauki rana za su gudu saboda zafi, mu kuma mu rasa abin da za mu kafa hujja da shi.